Layi Biyun Farko

Mako biyar da Yayata ta ajiye aikin koyarwa ta buɗe shafinta a dandalin neman aiki ta intanet, ko tari ba wanda ya yi mata. Ni ce na zuga ta, domin shekara uku ke nan ina aikin fassara a can, don haka duk wani shiru da aka yi mata a wuyana yake. Ranar Asabar da hantsi na same ta a falo, kwamfuta a kan teburin guga, tana kallonta kamar ɗalibin da ya ƙi yin aikin gida.

"Buɗe min bayanin da kika rubuta a kanki," na ce.

Da na karanta sai da na dafe kai. Shekara goma sha tara tana koya wa yara rubuta wasiƙar neman aiki, ita ma abin da ta zuba ke nan: "Cikin girmamawa da ƙasƙantar da kai, ni mai suna a sama ina roƙon a ba ni dama..." Daga nan ta shiga jera makarantun da ta yi, tun daga firamare.

"Yaya, wa kike roƙo? Mai neman malama layi biyun farko kawai yake gani a jerin sunaye. Idan ba su kama shi ba, ya wuce. Ke kuma kin ƙarar da su a gaisuwa."

"To, in fara da rashin kunya?"

"Ki fara da abin da za ki yi wa ɗansa. Wa kike koyarwa, me kike gyarawa, mece ce shaidarki. Kuma ki haɗa koyarwar da rubuta takardun darasi da kike yi su zama abu ɗaya, kada a ɗauka mutum biyu ne."

Ta taɓe baki. "Ni ba zan zauna ina yabon kaina ba. Aiki ai na makaranta ne, ba nawa ba."

Haka take. Ko takardun darasin da ta rubuta da hannunta, sunan makaranta take sa musu. Na ce bari in nuna mata yadda masu samun aiki suke yi. Na rubuta "koyar da karatu ga yara" a wurin bincike, na danna na farko, wanda masu ba da aiki suka ba taurari biyar na yabo, na fara karanta mata da ƙarfi ba tare da na kalli hoton ba:

"Ina taimaka wa yara 'yan shekara bakwai zuwa goma da karatu ya gagara. A zango biyu, yara ashirin da shida cikin talatin da ɗaya sun fara karanta shafi su kaɗai, ta hanyar darasin minti ashirin da na tsara. Ina kuma rubuta littattafan atisaye..."

"Kin ji ko? Lamba, shekaru, sakamako. Wannan ya san..."

Ban ƙarasa ba. Yaya ta miƙe tsaye, fuskarta ta sauya gaba ɗaya.

"Talatin da ɗaya," ta ce a hankali. "Ajina ne."

Sai a lokacin na kalli hoton. Dogo ne, malamin da ya zo makarantarsu sanin makamar aiki shekara huɗu da suka wuce, wanda ta riƙa gyara wa tsarin darasi a wannan falon. Na buɗe samfurin aikin da ya liƙa. Takardun atisayenta ne, an sake buga su da launi, an cire sunan makaranta. Ni da na zo koyar da ita, da bakina na yabi ɓarawonta.

"Mu kai ƙararsa wajen masu dandalin," na ce. "Kina da na asalin?"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauki waya ta kira shi, ta buɗe muryar wayar yadda zan ji.

"Malama! Ina kwana? Ya gida, ya yara?"

"Lafiya. Dogo, yaran nan talatin da ɗaya, wa ya koyar da su?"

Na zaci zai musa, ko ya kashe wayar.

"Ke ce, Malama. Ni dai ina ajin, na raba takardu."

"To, me ya kai su shafinka?"

"Ki yi haƙuri. Da farko ban sa su ba, wallahi, tsoro nake ji. Da na ji kin buɗe naki, sai na je na karanta shi tun daga sama har ƙasa. Ban ga kin ambace su ba, ko sau ɗaya. Sai na ɗauka ba kya so ne."

Yaya ta koma ta zauna a hankali, wayar na hannunta, yana ta "Malama? Malama, kina ji na?"