Masu Ƙaho

Keziah ta yi wa Uwani alkawari tun kafin ta kunna rakoda: ba wanda zai gane ta. Bincike take yi kan yadda ake sayar da nonon shanun da ba su da lafiya a Jalingo. Uwani, mai tallan nono daga Abbare, ta buɗe baki ta faɗi abin da ake yi a gidan mijinta. In aka gane ita ce, aurenta ya shiga uku.

Keziah ta kai kaset ɗin wurin Manasseh, mai haɗa sauti a rediyo. Na asali ya kulle a durowa, kwafi yake taɓawa. Duk inda aka ambaci sunan mutum ko na unguwa sai ya goge, ya sa ƙara, ƙiii. Sannan ya rage gudun kaset don murya ta yi kauri.

"Ƙara ragewa," in ji Keziah.

"Haba Madam! In na ƙara, magana za ta koma kunu, ba mai fahimta."

Suka tsaya inda muryar ta zama kamar ta dattijo, kalmomi kuwa tar. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya.

Ranar taron masu bincike da shugabannin makiyaya aka kunna kaset. Muryar ta ce, "In masu ƙaho sun kamu da tari, ba a daina tatsa. Ni da hannuna nake kaiwa kasuwa."

Wani ya yi dariya a baya. Wani ya taɓa na kusa da shi. Keziah ta ɗauka kaurin muryar ne ya ba su dariya.

Ashe! Sunan surukin Uwani Maishanu. Saboda kunya, tun da aka kawo ta gidan ba ta ƙara cewa "shanu" ba, sai "masu ƙaho". Duk Abbare an san ta da wannan, har tsokanar ta ake yi. Keziah da Manasseh sun ji kalmar ta fi a ƙirga, suka ɗauka salon magana ne kawai. Kuma wan mijinta, Jibrilla, yana zaune a layi na biyu. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bayan mako guda Keziah ta je Abbare, aka ce Uwani tana gidan iyayenta a Mutum Biyu. Ta bi ta can, kunya kamar ta nutse. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo.

"Adda Uwani, wallahi duk sunayen mun goge. Ko ɗaya ba mu bari ba."

"Na sani, 'yar'uwa. Ai ni ma ban faɗi ko ɗaya ba."

Ta jawo ƙwarya ta zuba wa baƙuwarta nono, ta tambaye ta ko za ta wuce ta Abbare. Yaranta biyu suna can, ba a ba ta su ba.