Gyaran Inna Luba

Tun daga tashar Tsafe ran Attahiru ya ɓaci. Buhun gero guda da a baya ake ɗauko masa zuwa Gusau kan naira arba'in, yau direba ya ce ɗari da ashirin, wai a hannun 'yan bumburutu ya sha mai, wanda bai yarda ba ya sauke kayansa. Attahiru ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, daga baya ya biya, don gidajen mai duk a rufe suke a wannan shekara, kuma gero ba ya tafiya da ƙafarsa.

A hanya, yana zaune a kan buhunansa a bayan a-kori-kura, ya yi ta juya maganar a zuci. Buhu tiya arba'in ne in an yi sa'a. In ya sayar da tiya a naira arba'in da biyar kamar kowa, ya cire kuɗin saye, da na mota, da la'adar dillali, da na 'yan dako, abin da zai rage bai kai cefanen yini ba. Sannan ga gyara. Duk wanda aka auna wa sai an ƙara masa da hannu, kuma wannan ɗan hannun da ake rainawa yakan cinye tiya biyu ko uku a buhu. In aka haɗa da shi, Attahiru wahalar banza yake yi, har da ciko daga aljihunsa.

To, ya ƙara kuɗi mana? Faɗi ne da sauƙi. A layinsu na 'yan hatsi rumfuna ne reras, gero iri ɗaya, mai saye ba sai ya yi tafiya ba, juya wuya kawai zai yi. Maƙwabcinsa Sabiru kuwa bai ƙara ko kwabo ba, sai ma ƙara baki da ya yi. Sirrinsa ba ɓoyayye ba ne ga 'yan layi: ya kai kwanonsa an ɗan buge gindin ya shige ciki, ya rage ci. Sai ya cika shi da tozo, ya zuba gyara yana kirari, mutane su tafi suna sa masa albarka. Duk lokacin da Attahiru ya ji wannan albarkar sai ya ji kamar ya kife rumfar.

Shi dai ya rantse ba zai taɓa kwanonsa ba, yana tsoron haɗuwarsa da Allah. Ƙarin kuɗi kuma yana tsoron layi. Sai ya ga ai ga hanya ta uku, mai tsabta, har yana jin daɗin kaifin kansa: kuɗi yana nan yadda yake, awo cikakke, gyara kuwa an daina. Ba zalunci, ba asara. Wayon nasa ke nan.

Kwanaki kaɗan ya yi a haka. Masu sayen tiya ɗaiɗai sukan tsaya da bakin buhu a buɗe, su ga bai motsa ba, su ja tsaki su wuce. Bai damu da su sosai ba. Wadda yake jira ita ce Inna Luba, mai fura ta Damba, wadda tun zamanin mahaifinsa a rumfar take awo. Ita ce ginshiƙin cinikinsa, don ba ita kaɗai take zuwa ba: matan unguwarsu masu fura da masu kunu duk inda ta sa ƙafa nan suke sawa. In ta bar shi a wannan tsadar, rumfar ba za ta kai kaka ba, ya kuma san haka sarai.

Ta iso da hantsi, mata uku a bayanta. Aka gaisa, ta tambayi iyali, ta damƙi geron ta watsa a baki ta tauna.

"Nawa yau?"

"Yadda kika sani, Inna. Arba'in da biyar. Ban ƙara maki komi ba."

Ya auna mata tiya goma, kowace da tozonta, ya ajiye kwano ya kama bakin buhu zai ɗaure. Ta riƙe buhun gam.

"Ba ka ƙare ba."

"Na ƙare, Inna. Gyara dai mun aje shi sai abubuwa sun yi sauƙi. Kuɗɗin mota sun ninka har uku. In na ba da gyara, wallahi uwar kuɗɗi nika ci."

Tsohuwar ta dube shi tun daga hula har silifa.

"Mi kac ce? Ni za ka auna ma hatsi ka ɗaure kamar wadda taz zo amsar rabo?"

Nan zuciya ta ɗebi Attahiru. Haushin direba, da na Sabiru, da na tsakin da ya sha, duk suka taso masa lokaci guda.

"Inna, ku ba ku son mai gaskiya! Ga kwanona nan, a kawo na wani a gwada. Wasu na rage maku awo su maido maku da kayanku da sunan gyara, kuna ta godiya. Ni da nika ba ku hakkinku cif, ni ne mugu?"

Sabiru ya yi kamar yana kakkaɓe tabarma.

"Kai yaro, ni za ka koya ma kwano?" in ji Inna Luba cikin fushi. "Ka taɓa ganina rumfar mai bugaggen kwano? Da ka ce mani hatsi ya koma hamsin, in zagi mai, in zagi masu mota, in taya, ka rage mani ko naira guda, mu rabu muna dariya. Tsada ba kai ka kawo ta ba, kowa ya sani, ni ma na rage girman hurata. Amma hannun ga da ka janye, naka ne. Babanka ko shekarar yunwa bai sallame ni hannu sake ba."

Ta juye geron a kan tarinsa, ta karkaɗe buhunta har sau biyu. Ba ta ko kalli Sabiru ba, duk da washe bakin da yake yi. Ta nufi can ƙarshen layi wurin wani dattijo, Malam Manu, mutumin Bungudu, wanda ya mai da tiyarsa hamsin yana faɗa da bakinsa. Matan suka bi ta.

Daga inda yake Attahiru yana jiyo su. Ta yi masifa, dattijon ya yi rantsuwa, ta taya, ya ce albarka, aka daidaita a arba'in da tara. Da Attahiru ya nemi haka, da ya fita har da gyaran. Ya ga dattijon ya nutsa hannu biyu cikin gero ya zuba mata, ya ƙara da ɗan kaɗan, ta ce wani abu matan suka kwashe da dariya. Wannan karon Attahiru ya rasa wanda zai zaga.

Da suka juyo za su fita, dole ta gabansa za su bi. Ya yi wuf ya kamfaci gero cike da tafukansa, ya tare ta.

"Inna, don Allah. Ga gyaranki."

Ta tsaya, ta dubi hannayen, ta dube shi.

"Gyaran mi? Ban sayi komi gare ka ba. Ni kuwa ba bara niz zo ba."

Ta kauce ta wuce, matan na biye da ita. Attahiru ya tsaya a tsakiyar layi, gero na zuba ta tsakanin yatsunsa, har mai baro ya daka masa tsawa ya ba da hanya.