Sha Biyu da Ɗigo Biyu

Idan na'urar da mutum ya haɗa da hannunsa ta yi ƙarya, wa ya yi ƙaryar? Har yau ban samu amsa ba.

Ni na haɗa na'urar da ke lura da batirin firjin rigakafi a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Wutar gwamnati sai ta yi sati ba ta leƙo mu ba, don haka sola ce ke riƙe da firjin. Allon na'urar ba ya ɗaukar fiye da bolt biyar, shi ya sa na jera resista biyu, mai dubu talatin da mai dubu goma, suna rage wutar batirin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Allon ya mayar da ita lamba, ya ninka sau huɗu, ya nuna. In ta sauka ƙasa da 11.8, sai ƙararrawa ta kaɗa.

Ranar Litinin, bayan kwana huɗu ana marka, Ramlat jami'ar lafiya ta aiko na zo. Mata sun cika rumfa da goyonsu.

"Malam Zaharaddini, firji ya mutu. Ko dai tun Juma'a ne, Allah masani. Fita ka gaya wa matan nan babu allura yau."

"Ba zan faɗa ba. Dubi, 12.2. Batiri lafiyarsa lau."

"To sa hannunka ciki. Kokon da na sha da safe ya fi shi sanyi."

Na ciro mitar awon wuta na ɗora a kan batirin don in rufe mata baki. Ta nuna 11.3. Na sake ɗorawa. Haka dai.

Nan take na tuna. Wata uku baya resista mai dubu talatin ɗin ta lalace, ban samu irinta a kasuwa ba, na ciro mai dubu ashirin da bakwai daga tsohuwar rediyo. Na ce ai kusan ɗaya ne. Yanzu wutar tana raguwa sau uku da ɗigo bakwai, allon kuwa yana nan yana ninkawa sau huɗu. Batiri ya zube har firji ya yanke kansa, ƙararrawa ba ta ko yi tari ba.

Ramlat ta ɗaga kwalba ɗaya. Alamar da ke jikinta, mai nuna ko zafi ya taɓa maganin, ta yi duhu.

"Innalillahi. Da na yarda da lambarka, da wannan na tsira wa 'ya'yan mutane."

"Ban yi da gangan ba, wallahi."

"Na sani. Amma ka gaya min ka canza wani abu?"

Ban gaya mata ba. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce mai gyaran rediyo ne kawai.

Na ajiye mitar, na fita rumfa. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, tun da hantsi muke nan fa."

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri. Babu allura yau. Maganin ya lalace, kuma ni na jawo."