Izinin da Na Bai wa Kawu

Kawu ba kawuna ba ne, haka dai kowa ke kiransa a ofishin kwamfuta na asibitinmu. Shi ya koya mini Postgres, manhajar da ke adana bayanan asibitin a tebura, shi ya kuma kafa mini doka: kada ki ba mutum izini da sunansa. A ba rukuni, wato role, a sa mutum a ciki. Ranar da ya bar kujerar, a zare shi, izinin ya bi rukunin.

Ni na karya dokar, kuma dominsa. Shekara biyu da suka wuce sunaye sun maimaitu a teburin masu jiran aikin ido, rukunin masu gyara kuma ba shi da ikon gogewa. Ina sauri, ƙirƙirar sabon rukuni ya zame mini aiki, sai na rubuta GRANT DELETE, wato ba da izinin gogewa, da sunan Kawu kai tsaye.

"Wannan ganganci ne," in ji shi. "Ki janye da na gama."

Na ce to, na manta sarai.

Bana aka mayar da shi koyar da sababbin ma'aikata. Na cire shi daga masu gyara, na sa shi cikin masu karatu kawai.

"Kin rufe mini komai, 'yata?"

"Tsaf, Kawu. Ko ƙuda ba za ka iya kashewa ba."

Ranar Talata ya tara sababbin a gaban allo don ya nuna musu amfanin rukuni. "Ku duba yadda zai ƙi ni," ya ce, ya ba da umarnin goge teburin masu jiran aikin ido gaba ɗaya. Postgres bai yi musu ba. DELETE 4112, wato sunaye 4112 sun goge.

Mun dawo da kwafin jiya, amma mutum talatin da bakwai da aka rubuta da safen nan sun ɓace. Wasu sai da suka zo aka ce babu sunansu.

Na duba izinin teburin. Ga sunan Kawu shi kaɗai a layinsa. Cire shi daga rukuni bai taɓa abin da na ba shi da sunansa ba. Da yake da asusun babban mai kula na bayar, wanda dā mu biyu ke riƙe da shi, rukunin da ya mallaki teburin aka nuna a matsayin mai bayarwa, ba ni ba.

Manaja ya tambaya wa ya bayar. Kawu ya dube ni. Ni kuwa, don tsoro, na dubi takalmina.

"Laifina ne, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Ranar Alhamis ya kwashe kofinsa da tabaransa a leda. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ki duba sauran teburan, 'yata."

Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ina fatan in sami wani ya taɓa yin irin nawa. Teburi ɗari da tara, shekara goma sha ɗaya yana kula da su, duk rukuni ne. Layi ɗaya ne kawai mai sunan mutum, kuma ni na rubuta shi.