Lambar da Aka Karanta wa Baƙo

Malam Yusha'u na tsaka da biya wa ɗalibai karatu a Wagini wayarsa ta yi ƙara. Mai kiran ya yi doguwar gaisuwa, ya ce daga ƙungiyar malaman Islamiyya ta Batsari yake, za a sa Malam a zaurensu na WhatsApp. "An turo maka lamba shida, Allah gafarta Malam, karanto min."

Malam ba ya iya ƙin wanda ya gaishe shi da ladabi. Ya karanta masa a tsanake, har ya maimaita.

Kafin la'asar WhatsApp ɗinsa ya rufe, wani kuma na roƙon iyayen ɗalibai taimako da sunansa.

Ƙanwarsa Godiya, ma'aikaciyar asibiti a Safana, ta ji labari, ta iso a kan babur ranta a ɓace.

"Yaya, saƙon da kansa ya ce kada a ba kowa. Mabuɗin gidanka ka miƙa."

Layin na hannunsa, don haka ta sake shigar da lambar wayarsa a WhatsApp. Sabuwar lamba shida ta shigo, ta saka, aka fitar da ɓarawon nan take. Ta ce sun yi sa'a ɓarawon bai kulle shi da lambar sirri ba, da sai sun jira mako guda. Ta sa Malam ya zaɓi tasa, ya kuma sanar da iyayen yara kada su tura komai.

"Me ka zaɓa, Yaya?"

Ya buɗe baki, sai ya dube ta, ya rufe.