Dakta Hamidu Ya Ƙi Duba Maƙala

Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori, Dakta Hamidu ya karɓi hutun bincike daga jami'arsu, ya tare a ƙasar Maradun da buhuna da igiya. Masanin irin shuka ne, kuma ɗan Tungar Maiwada, ɗaya daga cikin ƙauyukan da ruwan dam zai ci. Bukatarsa ɗaya ce: ya tara irin dawar kowace gona a wannan kaka ta ƙarshe, tun tana tsaye, don a gona ake gane wace iri ce, wace ƙasa take so. In an yanke an tashi mutane, rabi a cinye, rabi a cakuɗa a hanya, shi ke nan.

Yana cikin gonar goggonsa Baraka, ƙaiƙayi har wuya, sai ga Farfesa Tukur ya sauko daga mota da ambulan a hammata. Shi ya koyar da Hamidu, shi ne editan mujallar sashensu, kuma yana cikin kwamitin ƙarin girma. Mutum ne da bai saba a ce masa a'a ba. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Bakura, garin Farfesa, har gaisuwa ta ƙare don kanta.

"Maƙala ce kan dawar fadama," in ji Farfesa. "Mutum biyu ka tantance kowace kahin a buga, ɗaya ya gama. Kai kaɗai ka rage. Wata mai kamawa muke kai mujalla ɗab'i."

"Malam, a gahwarce ni. Ba ni da lokaci."

Farfesa ya yi dariya, ya ɗauka kawaici ne. "Maƙalar shahi ashirin ce kacal, Hamidu. Ka leƙa, ka rubuta layi ukku, ka sa hannu."

"In nig ga teburan lissahi sai na bi su ɗaya-ɗaya, in koma ga littattahan da mai ita ya ambata, ga su can jami'a. Mako guda ke nan ko hi. Wanda ya rubuta ta bai san ni ba, ban san shi ba, amana ce tsakaninmu. Ba ni cewa na duba abin da ban duba ba. In ba ka sunan mutum biyu da ka iyawa?"

"Kai nike so."

"To sai bayan kaka."

Fuskar Farfesa ta sauya. "Ka tuna taka maƙala na bisa teburina? Ita ta rage maka ka cika sharaɗin ƙarin girma na bana. Ita ma masu tantancewa take jira. In sunka ce ba su da lokaci hwa?"

Maganar ta soki Hamidu, ba ƙarya. Ya daɗe yana jiran wannan matsayi, matarsa ma ta fara lissafin gidan da za a ba su. Ya ɗaga ido. Can gangare, inda bara ake shanya barkono, ruwa ne kwance yana walƙiya, kawunan itatuwa kawai ke leƙowa.

"Sai ta jira, Malam. Takarda na jira. Wancan," ya nuna ruwan da lauje, "ka je ka roƙe shi shi ba ni mako guda. In ya yarda, in karanta."

Farfesa ya koma mota ko sallama babu. Goggo Baraka ta bi ƙurar da kallo. "Wane ne wanga mai kumburi?"

"Malamina ne, Goggo."

"Ka ko ba shi ruwa?"

Bai ba shi ba. Wannan kaɗai ya yi nadama a kai.

Ya ci gaba da bin gonaki, yau Tunga, gobe ƙauyen gaba, yana yankar zangarniya, yana tambayar masu ita sunanta da lokacin nunarta. Kaura da farfara kowa ya sani, amma ya samu wasu da ba a taɓa rubuta sunansu ba, har da wata gajeruwa ta Goggo mai jure kwanciyar ruwa. Wasu ƙauyukan kuma ya iske ruwa ya riga shi, ya tsaya bakin gaɓa yana cizon yatsa.

Mujalla ta fito babu maƙalarsa. Jerin ƙarin girma ya fito babu sunansa. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye wa kowa ba, amma bai je ban haƙuri ba.

Da hutu ya ƙare, ya sauke buhunan iri a ɗakin ajiyar sashe, ya buɗe ofishinsa. Ga ambulan ɗin nan a kan tebur. Ashe Farfesa, don zuciya, bai aika wa wani mai tantancewa ba, nan ya sa aka ajiye masa. Tausayin mai maƙalar ya kama Hamidu, bawan Allah da faɗan giwaye ya taka yana zaman jiran amsa. Ya kaɗe ƙura, ya ja kujera, ya fiƙe fensir, ya fara daga shafin farko.

Takardar tana nan lafiya lau, ko gefenta bai lanƙwashe ba. Tungar Maiwada kuwa, mai son ganinta sai ya shiga kwalekwale a nuna masa wurin da sanda.