Agogon Delhi a Shagon Waya

Baballe mai gyaran agogo yana da wata doka da ya kafa wa duniya ba tare da ya shawarce ta ba: gajeren hannun agogo na iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma dogon hannu ɗaya ne ko'ina. Shekara ashirin da shida yana zaune da teburinsa a bakin kasuwar Lafiya, ba wanda ya taɓa musa masa, don masu ƙoƙarin musun sukan gaji tun kafin ya gaji.

Ranar wata Litinin a shekarar 2007 aka kira shi wani shagon buga waya da ke hanyar Jos ya canja batiran agogunan bango. Guda biyar ne a jere, kowanne da sunan garinsa: Lafiya, Jidda, New York, Los Angeles, Delhi. Huɗu sun yi daidai a minti. Na Delhi kaɗai ya fita zakka, ya wuce su da rabin awa. Mai shagon ya yi tafiya, sai matarsa Muhibbat ke tsaro, ita kuwa abin da ta iya tunawa shi ne maigida ya ce tsakaninmu da Indiya awa huɗu ne da ɗoriya.

"Ɗoriyar ita ce cutar," in ji Baballe. Ya mayar da hannun baya da minti talatin, ya sauko yana jin ya yi wa al'umma aiki.

Da yammar nan ya tarar da Mnena, mai sayar da lemo kusa da teburinsa, tana juya wata takarda a hannu. Mijinta Terseer yana wani asibiti a Chennai, washegari za a yi masa aikin zuciya. Ƙaninsa da ya raka shi ya aiko da saƙo: za a dawo da shi ɗaki daga gwaje-gwaje da sha biyu da rabi, a ɗauke shi da ƙarfe ɗaya, agogon Indiya. In tana son jin muryarsa, to a tsakanin nan ne.

"Kada ki wahalar da kanki da lissafi," Baballe ya ce mata. "Je ki shagon Muhibbat ki dubi na Delhi. Da hannuna na saita shi."

Washegari, takwas da 'yan mintuna, Malam Aper ya tsaya da babur ɗinsa karɓar agogon hannu a kan hanyarsa ta zuwa Shabu, inda yake koyar da aikin gona. A Indiya ya yi karatu, don haka Baballe ya ga ya sami wanda zai yaba masa. Ya ba shi labarin tiryan-tiryan.

Aper bai yi dariya ba. "Wannan agogo lafiyarsa lau. Awa huɗu da rabi ne."

"Rabi? A ina aka taɓa yin rabi?"

"Ka ga New York da Los Angeles, ƙasa ɗaya ne, amma awa uku tsakani, ko ba haka ba? Amurka ta yi faɗi, rana ba ta fito musu tare, sai suka yanka ƙasar kashi-kashi. Indiya ma tana da faɗi, daga gabas zuwa yamma rana na yin kusan awa biyu. Amma su suka ce agogo ɗaya suke so. Suka ɗauki tsakiyar ƙasa. Daga layin Greenwich na Ingila ake fara ƙirge, tsakiyar tasu kuma ta faɗo tsakanin awa biyar da awa shida. Shi ne biyar da rabi. Mu muna kan awa ɗaya. Cire ka gani."

"To Chennai fa?" Baballe ya tambaya, muryarsa ta ƙanƙance. "Ai ba Delhi ba ce."

"Duk ɗaya ne."

Baballe ya dubi agogunan da ke kan teburinsa, sun fi ashirin, duk suna cewa takwas da kwata. A Chennai ke nan ɗaya saura kwata. A bangon Muhibbat kuwa sha biyu da kwata. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a kan sana'arsa ba. Bai ko rufe gilashin teburin ba ya haye bayan babur.

Wata tirelar doya ta gicciye a shataletale. Aper ya bi ta gefen kwata, Baballe yana ta duba hannunsa kamar duban zai rage wa mintunan gudu. Yana fatan ya tarar da Mnena a kan bencin shagon, yana kuma shirya yadda zai faɗi maganar ba tare da ta zama laifinsa ba. Ya rasa.

Bencin ba kowa.

"Ta zo tun takwas saura," in ji Muhibbat. "Muka duba, sha biyu ma ba ta yi ba a can. Sai ta ce bari ta hau acaɓa zuwa Akurba ta ɗauko yaran, su ma su ji babansu. Ga lambar nan ta bari."

Takwas da minti ashirin da huɗu. Baballe ya leƙa titi, ya dawo, ya sake leƙawa. Acaɓa ɗari sun wuce, ba nata.

"Buga," ya ce.

Karo na farko layi bai shiga ba. Na biyu ƙanin ya ɗauka, ya miƙa wa majinyacin.

"Mnena?"

"Baballe ne, mai agogo."

 Baballe yana jin ƙarar tayoyin gado da muryoyin mata cikin wani yare.

"Ina Mnena? Ya manta ne?" Hausar Terseer irin ta kasuwar Lafiya ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ba ta manta ba. Ta tafi ɗauko yara. Ni ne na ɓata agogo, na sa ta makara. Laifina ne, ba nata ba."

"To." Numfashinsa na fita da ƙyar. "Sun zo ɗauka na. Ka gaya masa... ka ce ban ji tsoro ba. Ka ce haka."

Layin ya yanke. Baballe ya daɗe riƙe da wayar.

Tara saura minti ashirin acaɓa ta tsaya. Mnena ta sauko da yara biyu, Doose da Terngu, an sa musu kayan zuwa coci, fuska na ƙyallin mai. Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sauke ajiyar zuciya.

"Mun gode Allah. Saura minti ashirin."

Muhibbat ta sunkuyar da kai. Aper ya juya yana gyara madubin babur. Ba wanda zai ɗaukar wa Baballe wannan kaya, kuma bai cancanci a ɗaukar masa ba. Ya tsaya gabanta ya faɗa mata komai, tun daga batir har zuwa rabin awar, bai rage ko ɗaya ba. An shiga da Terseer minti goma da suka wuce.

Ba ta zage shi ba, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. Ta zauna a kan benci, ta jawo yaran jikinta.

"Ka ji muryarsa?"

"Na ji."

"Me ya ce?"

"Ya tambaye ki. Sannan ya ce in gaya miki bai ji tsoro ba."

Mnena ta gyara wa Terngu kwalar riga, ko da yake ba abin da ya same ta.

"To yana ji ke nan," ta ce. "Shekara sha ɗaya, in ya faɗi haka, ni nake ce masa ƙarya ne, sai ya yi dariya. Kai me ka ce masa?"

Baballe ya tuna yadda layin ya yanke yana riƙe da wayar. Bai ce masa komai ba.